Lambar da ba ta da "±" ba sakamako ba ce: yadda ake ƙidayar tururin nukiliya a ƙasar Yawuri

Duk wanda ya san ƙasar Yawuri ya san cewa haƙar zinariya ta zama sana'a a gefen noma da su. Daga kewayen Bin Yawuri a ƙaramar hukumar Ngaski har zuwa wasu sassan Shanga, ana tono dutse daga rami, a farfasa shi, a niƙa, a wanke, sannan a bar tarin ƙasar da ta rage a fili, inda ruwan damina zai iya kwashe ta zuwa rafukan da suke malala cikin Tafkin Kainji. Ba laifi ba ne mutum ya tambaya ko wannan ƙasa da aka fito da ita daga ƙarƙashi tana fitar da tururin nukiliya fiye da ƙasar gona. Duwatsu duka suna ɗauke da ɗan yuraniyam da toriyam da fotasiyam mai fitar da tururi, wasu fiye da wasu, don haka tambayar tana da tushe.

Abin da nake so in yi magana a kansa shi ne yadda ake amsa ta. Amsar takan zo a matsayin lamba guda: an auna ƙasar wuri kaza, an sami 36, alhali matsakaicin duniya 35 ne, saboda haka wurin "ya zarce ƙima". Ko kuma a ce an auna ba a sami kome ba, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ra'ayina shi ne, duka maganganun biyu ba su da nauyi matuƙar ba a gaya mana abubuwa uku ba: nawa na'urar ta ƙidaya, nawa take ƙidayawa idan babu samfurin a cikinta, da kuma tsawon lokacin da aka ɗauka ana kowace ƙidaya. Likita ko injiniya ko ɗan jarida ko jami'in ma'aikatar muhalli da aka miƙa wa irin wannan rahoto yana da ikon ya nemi waɗannan alƙaluma, kuma lissafin da zai yi da su bai fi ƙarfin na'urar lissafin da ke wayarsa ba.

Me ya sa na'ura ba ta maimaita lamba ɗaya

Idan aka ɗora buhun shinkafa a kan sikeli sau goma, ana sa ran ganin nauyi ɗaya sau goma, in kuwa ba haka ba to sikelin ne ya lalace. Na'urar ƙidayar tururi ba haka take ba. Abin da take ƙidayawa shi ne fashewar ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya san lokacin da wata ƙwaya za ta fashe. Kowace tana yin nata ba tare da la'akari da maƙwabciyarta ba. Abin da aka sani kawai shi ne matsakaicin yawan fashewar a cikin dogon lokaci. Ma'aunin wannan shi ne bekarel, wanda ake rubutawa Bq, kuma bekarel ɗaya yana nufin fashewa ɗaya a daƙiƙa, a matsakaici.

Misalin da ya fi kusa shi ne yayyafi. Ka ajiye faranti a tsakar gida ka ƙidaya ɗigon da ya faɗa cikinsa a minti ɗaya, za ka iya samun 22. A minti na biyu ka sami 30, a na uku 24, alhali ƙarfin yayyafin bai canja ba. Farantin lafiyarsa lau, kuma ba ka yi kuskuren ƙidaya ba. Haka abin yake a halittarsa.

Masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, Siméon Denis Poisson, shi ne ya wallafa dokar irin wannan ƙidaya a shekarar 1837, tun kafin a gano tururin nukiliya. A shekarar 1910, Ernest Rutherford da Hans Geiger suka gwada ta a Manchester. Sun ƙidaya ƙwayoyin alfa da suke fitowa daga sinadarin foloniyam a cikin zango 2,608, kowane zango daƙiƙa bakwai da rabi. Matsakaicin ya kama 3.87 a kowane zango, amma a zango 57 ba su ga ko ɗaya ba, a wasu kuma suka ga fiye da goma. Lissafin Poisson ya yi hasashen zango kusan 54 da za su zo babu kome. Wannan dacewar ita ce ta sa har yau ake dogaro da dokar a kowane ɗakin gwaji.

Abin da muke buƙata daga dokar abu ɗaya ne. Idan ka ƙidaya adadi N, tazarar shakkar da ke kansa ita ce saiwar N, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da N. Ana rubuta ta √N. Saiwar 25 ita ce 5, saiwar 100 ita ce 10, saiwar 10,000 ita ce 100. Ma'anar tazarar ita ce, idan adadin yana da ɗan yawa, kusan sau biyu cikin uku ƙidayar za ta faɗo cikin tazara ɗaya daga ainihin matsakaicin, sannan kusan sau 95 cikin 100 za ta faɗo cikin tazara biyu. Wanda ya ƙidaya 100, abin da ya kamata ya rubuta shi ne 100 ± 10.

A lura da abin da wannan ya ƙunsa. Shakkar da ke kan 100 kashi 10 cikin 100 ce, wadda ke kan 10,000 kuwa kashi 1 ce kacal. Domin a rage shakka sau goma, sai an ƙara ƙidaya sau ɗari. Domin a raba ta biyu, sai an ninka lokaci sau huɗu. Wannan shi ne farashin, kuma babu na'urar da tsadarta za ta sa a yi mata rangwame.

Minti ɗaya a bakin rami

Mu ɗauki misali na ƙirƙira, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. Wani jami'i ya je wurin haƙa kusa da Bin Yawuri da ƙaramar na'urar Geiger ta hannu. Ya ɗora ta a kan tarin ƙasar da aka wanke na minti ɗaya, ta ƙidaya 36. Ya gangara bakin tafki inda ba a haƙa, ya sake minti ɗaya, ta ƙidaya 25. Bambanci 11 ne, wato tarin ya fi bakin ruwa da kashi 44 cikin 100. Wannan jimla ce da za ta yi kyau a kanun labari.

To amma 36 tana ɗauke da shakkar 6, 25 kuma tana ɗauke da shakkar 5. Idan aka debe wata lamba daga wata, shakkunsu ba sa kashe juna, haɗuwa suke yi. Hanyar haɗa su ita ce a tara ƙidayoyin biyu a ɗauki saiwar jimlar. A nan 36 da 25 sun ba da 61, saiwarta kusan 8. Sakamakon gaskiya shi ne 11 ± 8. Bambancin bai kai tazara ɗaya da rabi ba, kuma irinsa yakan faru sau da yawa ko da an auna wuri ɗaya sau biyu a jere. Jami'in bai gano cewa tarin ƙasar ya fi zafi ba, bai kuma gano cewa bai fi ba. Bai gano kome ba tukuna.

Da ya zauna minti goma a kowane wuri ya sami 360 da 250, da labarin ya canja. Bambancin ya zama 110, shakkar kuma saiwar 610, wato kusan 25. Kason bai motsa daga kashi 44 ba, amma yanzu bambancin ya haura tazara huɗu, kuma da wuya ƙwarai sa'a kaɗai ta haifar da shi. Abin da ya raba jita-jita da hujja a nan minti goma sha takwas ne na haƙuri.

Akwai wani tarko a na'urorin hannu. Yawancinsu ba sa nuna ƙidayar kanta, sai su nuna wata lamba kamar 0.15 µSv/h, wadda suka fitar daga ƙidayar 'yan daƙiƙoƙin da suka wuce. Ba a ɗaukar saiwar wannan lamba, domin dokar Poisson a kan ƙidaya tsagwaronta take aiki, kafin a raba ta da lokaci ko a juya ta zuwa wani ma'auni. Wanda ya tsaya yana kallon allon har ya ga lamba mafi girma sannan ya rubuta ta, yana zaɓen minti mafi yawan ɗigo ne ya ce shi ne ƙarfin yayyafin.

Na'urar da ba a sa mata kome ba ma tana ƙidaya

Binciken da ya amsa sunansa a ɗakin gwaji ake yin sa. A Arewa, wurin da aka fi sani da wannan aiki shi ne Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Yadda aka saba yi a ko'ina shi ne a busar da ƙasar, a niƙa ta, a tankaɗe, a auna nauyinta, a zuba a cikin gwangwanin roba a liƙe shi yadda iska ba za ta fita ba, sannan a ajiye shi kamar mako huɗu. Dalilin jiran shi ne iskar radon. Radiyam yana haifar da radon, radon kuma yana haifar da bismut wanda shi ne ake gani a na'ura. Rabin radon yana ƙarewa a cikin kwana 3.8, don haka ana buƙatar makonni kafin abin da yake taruwa a gwangwanin ya daidaita da radiyam ɗin da yake haifar da shi. Daga nan sai a ɗora gwangwanin a kan na'urar gama da ke cikin gidan dalma, a bar ta tana ƙidaya na sa'o'i.

Kowane sinadari yana da nasa muryar. Fotasiyam-40 yana fitar da gama mai ƙarfin 1461 keV, bismut-214 na zuriyar yuraniyam yana da layi a 1764 keV, taliyam-208 na zuriyar toriyam kuma a 2614 keV. Mai bincike yana duba ƙidayar da ta faɗo a taga ta kowane layi.

Matsalar ita ce waɗannan sinadarai guda uku suna cikin bangon ɗakin gwajin, da simintin daɓensa, da iskar da ke cikinsa. Jikin mai binciken ma yana ɗauke da fotasiyam-40 na kusan bekarel 4,000. Ga kuma tururin da yake saukowa daga sararin samaniya. Gidan dalma yana rage wannan, amma ba ya kawar da shi. Don haka dole a ƙidaya gwangwani wanda babu ƙasa a cikinsa, a sami abin da zan kira ƙidayar muhalli, sannan a debe ta. Mai awon hatsi yana yin irin wannan idan ya cire nauyin buhu. Bambancin shi ne nauyin buhu tsayayye ne, ƙidayar muhalli kuwa tana rawa kamar kowace ƙidaya, kuma a samfurin ƙasa ta yau da kullum "buhun" yakan kai nauyin hatsin ko ma ya fi shi.

Ga misali na biyu, shi ma na ƙirƙira. An ɗauko giram 300 na ƙasa daga wurin wanke zinariya, an ƙidaya ta na daƙiƙa 30,000, wato sa'a takwas da minti ashirin. A tagar bismut an sami 1,400. Gwangwani maras kome, a tsawon lokaci ɗaya, ya ba da 900.

```
N = G − B = 1400 − 900 = 500
σ = √(G + B) = √2300 ≈ 48
```

A nan G ita ce ƙidayar da aka yi da samfuri, B ta muhalli, N abin da ya rage, σ kuma tazarar shakka. Kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa shi ne a ɗauki saiwar 500 a rubuta ± 22. Wannan ya rage shakkar da fiye da rabi, domin ba wanda ya taɓa ƙidaya 500. An ƙidaya 1,400 da 900 ne, kuma kowacce ta kawo nata rawar. Amsar ita ce 500 ± 48, shakkar kusan kashi 10 cikin 100.

Domin a mayar da wannan zuwa bekarel a kilo, sai a raba shi da abubuwa huɗu: kason gamar da na'urar take iya kamawa, kason fashewar da yake fitar da wannan layi, tsawon lokaci, da nauyin samfurin. A layin 1764 keV, kusan fashewa 15.3 cikin 100 ne suke fitar da shi. Idan muka ɗauka cewa na'urar tana kama 1 cikin 100, haɗin abubuwan huɗu zai ba da kusan 13.8. Raba 500 da 48 da wannan lamba, sai a sami 36 ± 3.5 Bq/kg.

Yanzu mu koma kan maganar "ya zarce ƙima". Rahoton shekarar 2000 na kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan illar tururin nukiliya ya ba da 35 Bq/kg a matsayin lamba ta tsakiya ga radiyam-226 a ƙasar duniya, kuma ita ce masu bincike suka fi kwatanta sakamakonsu da ita. Samfurinmu yana iya kasancewa ko'ina tsakanin 29 da 43. Cewa 36 ta fi 35 a wannan hali magana ce da ba ta da ma'ana. Bayan haka, 35 ɗin ba iyakar haɗari ba ce. Tsakiya ce kawai, wato akwai ƙasashe da yawa a samanta da yawa a ƙasanta, mutane kuma suna zaune a kansu tun kaka da kakanni.

Lokacin da "ba a samu ba" take ruɗi

Ɗaya ɓangaren ya fi damuna, domin kuskurensa ba ya yin ƙara. A ce samfuri na biyu laka ce daga bakin tafki kusa da Wara, ta ba da 950 a kan muhallin 900. Abin da ya rage 50 ne, shakkarsa saiwar 1,850, wato 43. Shin an ga wani abu?

Masanin kimiyyar sinadarai Lloyd Currie ya tsara amsar wannan a shekarar 1968, kuma har yau tsarinsa ake bi. Ya ware iyakoki biyu, idan an ƙidaya samfuri da muhalli na lokaci ɗaya:

```
Lc = 2.33 × √B
Ld = 2.71 + 4.65 × √B
```

Ta farko ita ce iyakar yanke hukunci. Idan abin da ya rage ya haura ta, ana iya cewa an ga wani abu, tare da amincewa da cewa sau 5 cikin 100 gwangwani maras kome ma zai haura ta. Da muhallin 900, saiwarsa 30, iyakar ta kama 70. Lakar tamu mai 50 ba ta kai ba. Ta biyu ita ce iyakar ganowa, wato mafi ƙarancin adadin da za a ce wannan na'ura, a wannan tsawon lokaci, za ta kama shi sau 95 cikin 100. A nan ta kama 142, wanda ya yi daidai da kusan 10 Bq/kg.

Saboda haka abin da ya dace a rubuta shi ne: an auna 3.6 ± 3.1 Bq/kg, bai kai iyakar yanke hukunci ba, kuma hanyar da aka bi ba ta da tabbacin ganin abin da ya gaza 10 Bq/kg. Wannan ya sha bamban da "babu". Wanda ya jefa taru mai manyan ƙofofi ya fito babu ƙananan kifi bai tabbatar da cewa tafkin ba shi da su ba. Ga ƙasa, iyakar 10 ta wadatar, tun da abin da ake kwatantawa da shi 35 ne. Ga ruwan sha kuwa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matakin tantancewa a 0.5 bekarel a lita ga alfa da bekarel 1 a lita ga beta, hanyar da ba ta ganin abin da ya gaza 10 ba ta da abin faɗa ko kaɗan. Rahoton da ya ce "ba a samu ba" bai faɗi iyakar ganowarsa ba, bai cancanci a kwantar da hankalin kowa da shi ba.

Wani lokaci samfurin yakan ba da ƙasa da muhalli, misali 880, sai abin da ya rage ya zama −20. Babu tururi mai ƙasa da sifili, amma lambar ba kuskure ba ce, rawar ƙidaya ce ta faɗo ta ƙasa. Idan aka mayar da irin waɗannan sifili, ko aka jefar da su, sannan aka fitar da matsakaicin samfura ashirin, matsakaicin zai haura gaskiya, domin an riƙe rawar sama an zubar da ta ƙasa. Haka kuma idan aka auna samfura 40 waɗanda babu kome a cikinsu, ana sa ran kusan 2 su haura iyakar yanke hukunci bisa sa'a kawai. Maganin ƙauyen da ya fito da lamba mai ɗaga hankali shi ne a sake ƙidayar samfurinsa kafin a sa sunansa a rahoto.

Iyakar abin da Poisson zai iya yi

Kada a ɗauka cewa √N ita ce dukan shakkar. Ita ce mafi ƙarancinta, wadda ba za a iya sauka ƙasa da ita ba ko da kome ya tafi daidai. A samanta akwai shakkar daidaita na'ura da samfurin da aka san ƙarfinsa. Akwai zamewar layuka idan zafin ɗaki ya canja tsakanin rana da dare ko wutar lantarki ta yi rawa, abin da na'urorin sodiyam ayodayid suka yi suna a kansa. Akwai kuma ɓarɓashin layin toriyam da yake zubowa cikin tagar bismut, wanda shi ma sai an debe shi da tasa shakkar.

Muhallin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Radon yakan taru a ɗakin da aka rufe, a waje kuma ruwan sama yana wanko 'ya'yan radon daga iska ya sa ƙidaya ta tashi na 'yan sa'o'i. Ƙidayar muhalli da aka yi a watan Janairu ba lallai ta dace da samfurin da aka auna a Agusta ba. Kuma idan muhalli ɗaya aka debe daga samfura hamsin, kuskurensa ya shiga dukansu ta gefe ɗaya, yawan samfuran ba zai wanke shi ba. Shi ya sa ya dace a ba muhalli lokaci mai tsawo. A misalinmu, da an ƙidaya shi na ninki huɗu na lokacin, shakkarsa za ta sauko daga 30 zuwa 15, ta sakamakon kuma daga 48 zuwa 40.

Dokar tana ba da hanyar gane lafiyar na'ura, da ta rahoto ma. A ƙidaya abu ɗaya sau ashirin a duba yadda lambobin suka warwatsu. Idan matsakaicin 900 ne, yawancinsu su faɗo tsakanin 870 da 930, 'yan kaɗan su fita. Idan suna tsalle daga 750 zuwa 1,050, akwai abin da yake damun na'urar. Idan kuwa duka sun tsaya tsakanin 898 da 902, wannan ya fi zama abin tuhuma, domin ƙwayoyin zarra ba su da irin wannan ladabi. Ko dai na'urar tana sulɓe lambobin kafin ta nuna su, ko kuma hannun mutum ya taɓa su.

Mafi girman shakka kuma a fili take, ba a ɗakin gwaji ba. Ƙasar rami ɗaya ta bambanta daga taku zuwa taku. Dutsen giranit yakan fi farin dutsen da ake bi wajen neman zinariya yawan fotasiyam da toriyam, sannan wanki yana tara ma'adinai masu nauyi wuri ɗaya, cikinsu har da masu ɗauke da toriyam idan dutsen yana da su. Baƙin yashin da yake saura a gindin kwanon wanki shi ne wurin da ya fi cancantar a duba. Samfuri ɗaya da aka ƙidaya kwana uku yana ba da cikakken bayani a kan giram 300, ba a kan ƙaramar hukumar Ngaski ba. Kuma abin kwatanci na gaskiya shi ne ƙasar gona mai irin dutsen wurin, a nesa da rami, ba matsakaicin duniya ba.

Amsa ga masu cewa gara a tsorata

Na san hujjar da za a kawo. Za a ce lafiyar mutane ake magana, gara a yi kururuwa a kan abin da bai tabbata ba da a yi shiru. Ina girmama wannan niyya, amma ban yarda da ita ba, saboda kururuwa tana da farashi. Masuncin Yawuri yana sayar da kifinsa ne da sunan tafkin, manomin albasa da na shinkafa ma haka. Jimla ɗaya da ta haɗa Kainji da kalmar nukiliya, wadda aka gina a kan 11 ± 8, za ta iya taɓa cinikin mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Idan kuma aka yi ta ihu sau biyu sau uku ba a ga kura ba, ranar da ta zo ba wanda zai fito.

Farashi na biyu shi ne karkatar da hankali. Gubar da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010, ta kuma sake kashe wasu a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, dalma ce da ke cikin ƙurar dutsen da ake niƙawa. Na'urar Geiger ba ta ganin ta, ba ta kuma ganin zaibar da ake kama zinariya da ita. Wurin haƙa yana iya wuce gwajin tururi lami lafiya alhali yana buƙatar gwajin dalma cikin gaggawa. Kuɗin bincike kaɗan ne, kuma lissafi na gaskiya shi ne yake nuna inda ya kamata a kashe su.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Kowane rahoto a kan ƙasa ko ruwa ko kifin wannan yanki, ko kundin digiri ne ko takardar da za a kai wa Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, ya ɗauki ƙidayar samfuri, da ƙidayar muhalli, da tsawon lokacin kowacce, da ranar da aka auna muhallin, da iyakar ganowa. Waɗannan suna nan a littafin ɗakin gwaji, layi biyar ne kawai a tebur. Idan aka miƙa maka rahoton da ba shi da su, mai karatu, ka mayar da shi ka nemi a kawo su. Idan an kawo, ka tara ƙidayoyin biyu, ka ɗauki saiwar jimlar, ka duba ko bambancin da ake magana a kansa ya ninka ta sau biyu ko uku kafin ka sa hannu.